Garaɓasar azumi: Yadda ƙungiyar ma'aikata za ta sa kamfanin shinkafa ya keɓe mata kaya da ranakun aiki

Duk shekara, idan azumi ya ƙarato ko watan Disamba ya kama, allunan sanarwa na ma'aikatun gwamnatin tarayya a Abuja kan cika da takardun ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata: shinkafa da man girki a kan rangwame, a ɗauka yanzu, a riƙa cire kuɗin daga albashi kaɗan-kaɗan. Ga ƙaramin ma'aikaci, wannan garaɓasa ce ke raba shi da cin bashi a kasuwa. Ga shugabannin ƙungiyar kuwa, a nan ake auna mutuncinsu, domin idan ranar rabo ta zo babu kaya, babu wanda zai tuhumi kamfanin da ke Kano ko Argungu. Sakatare da ma'aji za a tsare a bakin ofis.

Mafi yawan irin wannan abin kunya yana samo asali ne tun makonni kafin ranar rabo, a lokacin da aka kira kamfani a waya aka ce ya ajiye wa ƙungiya kaya, shi kuma ya amsa da cewa babu damuwa. Maganar ajiya tana ƙunshe da buƙatu biyu mabambanta, kuma kowace da irin yarjejeniyar da take bukata.

Buƙata ta farko ita ce kayan da aka riga aka sarrafa, suna jibge a sito, ana so a ware wa ƙungiya wani adadi daga ciki. Ta biyu ita ce lokacin injin: kayan ba su wanzu ba tukuna, ana so kamfani ya sanya ƙungiya a jadawalin aikinsa, ya tanadi shanshera, ya jiƙa, ya turara, ya busar, ya casa, ya zuba a buhu a cikin wasu ranaku sanannu. Kamfani zai iya samun kaya a sito amma duk an yi alkawarinsu ga dillalai, kamar yadda zai iya samun injin da ba ya aiki amma babu shansherar da zai zuba masa. Wasiƙar da ba ta fayyace wanne ake nema ba, ta bar wa kamfani ƙofar fassara ta yadda ta fi masa riba.

Lissafin da ake yi kafin wasiƙa

A ɗauki misalin ƙungiyar da ta raba buhu 1,200 na shinkafa mai kilo 50 a bara, bana kuma tana shirin ƙara rangwame, don haka tana hasashen buƙata za ta iya kaiwa buhu 1,800. Kuskure ne ta nemi a ajiye mata 1,800 gaba ɗaya alhali ba ta da tabbacin mambobi za su ɗauka. Abin da ya fi dacewa shi ne ta raba adadin gida biyu. Buhu 1,200 su zama na tabbas, waɗanda za ta ɗauka ko ta halin ƙaƙa. Sauran 600 su zama na zaɓi, wato kamfani ya riƙe mata gurbinsu zuwa wata rana da aka tsayar, idan ta tabbatar kafin ranar a yi mata, idan ta yi shiru kamfani ya sayar wa wanda ya ga dama.

Waɗannan alƙaluma sun dace da yadda ake lodi, domin tirela ɗaya kan ɗauki buhu 600, wato tan 30. Ke nan ana maganar tirela biyu na tabbas da ɗaya ta zaɓi. Odar da ta tsaya a rabin mota takan jira a haɗa ta da kayan wani, kuma a lokacin biki wannan jira kaɗai na iya cinye kwanaki.

Yana da kyau ƙungiya ta san nauyin abin da take ɗora wa kamfani. Buhu 1,800 tan 90 ne na tsabar shinkafa. Da yake abin da ake samu bayan casa ba ya wuce kashi 60 zuwa 65 cikin ɗari na nauyin shanshera, kamfani yana bukatar shanshera wajen tan 145. Idan matsakaicin kamfani ne da ke fitar da tan 20 a rana, wannan aikin kwana huɗu da rabi ne cur, a daidai makonnin da kowane dillali ke ƙwanƙwasa masa ƙofa. Wanda ya fahimci haka ba zai yi mamaki ba idan aka nemi ya ajiye kuɗi kafin a ba shi gurbi.

Sai batun lokaci, wanda ake lissafa shi daga baya zuwa gaba. Idan ana son a fara rabo kwana goma kafin azumi, ya kamata kaya su iso Abuja mako guda kafin ranar rabo, saboda lalacewar mota da cunkoson hanya. Kafin lodi akwai ranakun sarrafawa, kafin su kuma akwai sayen shanshera, da buga tambari a buhuna idan ƙungiya na son sunanta a jiki. Idan aka haɗa, wasiƙa ta fita aƙalla mako takwas kafin ranar rabo. A kuma tuna cewa azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 a kowace shekara, don haka jadawalin bara ba ya aiki bana, kuma dangantakarsa da kakar shinkafa tana sauyawa. Shekarar da azumi ya zo jim kaɗan bayan girbin damina ba ɗaya take ba da wadda ya faɗo a lokacin da shanshera ta yi ƙaranci ana jiran ta rani.

Abin da wasiƙar za ta ƙunsa

Wasiƙar ta fara da bayyana kayan ta yadda ba za a yi gardama ba: shinkafa turararriya mai dogon ƙwaya, marar tsakuwa, buhu mai cikakken kilo 50, da iyakar karyayyun ƙwayoyi da aka amince da su. A ambaci laima, domin shinkafar da laimarta ta wuce kashi 14 cikin ɗari takan yi wari ko fumfuna a ajiya, kuma kamfanin da aiki ya yi wa yawa yakan so ya gajarta lokacin busarwa. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗebi samfuri biyu, a like su, kowane ɓangare ya sa hannu ya riƙe ɗaya.

Daga nan sai ranaku uku: ranar da za a tabbatar da tirelar zaɓi, ranakun da injin zai yi aikin ƙungiya, da ranar lodin kowace mota. Kalmomi irin su “kafin azumi” ko “nan ba da jimawa ba” ba su da wurin zama a takardar.

Farashi shi ne inda yarjejeniya ta fi karyewa. A ce an daidaita a kan naira 60,000 kowane buhu. Buhu 1,200 sun kama naira miliyan 72. Idan kasuwa ta tashi da naira 5,000 kafin ranar lodi, kamfani zai ga ribar naira miliyan 6 tana jiran sa idan ya karkatar da kayan ga wani. Alkawarin baki ba kasafai yake jure wannan jarrabawa ba. Maganinsa shi ne kafin alƙalami mai nauyi a kan kason tabbas, misali kashi 30 cikin ɗari, wato naira miliyan 21.6, wanda zai ba kamfani damar sayen shanshera tun yanzu a farashin yau, shi kuma ya tsayar da farashin buhu. Ga kason zaɓi, da wuya kamfani ya yarda ya ƙulle farashi ba tare da kuɗi ba, don haka ana iya amincewa da farashin ranar tabbatarwa, amma a sa masa iyakar da ba zai wuce ba.

Ma'aikatan gwamnati sun san cewa Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ba ta yarda a ba ɗan kwangila kuɗin fara aiki ba sai da lamunin banki ko na kamfanin inshora. Dokar ba ta shafi kuɗin ƙungiyar gama kai ba, amma hikimarta ta shafe su, domin dukiyar mambobi ce ake miƙawa. Haka kuma ma'aji ya duba asusunsa kafin ya sa hannu a kan ranar cika kuɗi, tun da abin da ake cirewa daga albashi ta tsarin IPPIS sai bayan rabo zai fara shigowa, kamfani kuwa yana son cikon kuɗinsa a wajen lodi.

Kaya ba naka ba ne sai an ware su

Akwai wata ƙa'ida a Dokar Sayar da Kaya ta 1893, wadda Najeriya ta gada daga Ingila: mallakar kaya ba ta komawa hannun mai saye matuƙar ba a tantance ainihin kayan ba. Ma'ana, wanda ya biya kuɗin buhu 600 daga cikin dubbai da ke sito bai mallaki ko ɗaya ba har sai an ware nasa. Idan kamfani ya sayar da komai, abin da ya rage wa ƙungiya shi ne neman kuɗinta da diyya, kuma wannan ba zai ciyar da kowa da buɗa-baki ba. Saboda haka wasiƙa ta nemi a jera buhunan ƙungiya a gefe guda, a yi musu alama, a ba da takardar shaidar ajiya, wakilinta kuma ya je ya ƙidaya da idonsa. Sai dai dokar ta kuma ce asara tana bin mallaka idan ba a yi wani sharaɗi dabam ba, don haka a rubuta ƙarara cewa gobara, ruwa ko ɓarnar ƙwari na wuyan kamfani har zuwa lokacin da aka sauke kaya a Abuja.

Alamun matsala kan bayyana da wuri ga wanda ya sa ido. Kamfanin da ya karɓi kuɗi amma ya ƙi rubuta ranakun aikin ƙungiya, ko yake ta ɗage ziyarar wakili, ko ya fara kawo kukan tsadar shanshera mako biyu bayan ya karɓi kuɗin sayenta, yana nuna cewa gurbin bai tabbata ba. Amfanin raba lodi ke nan: idan tirelar farko ta saɓa ranarta, ƙungiya na da sauran lokacin komawa ga wani kamfani da ta riga ta tuntuɓa, kuma yarjejeniya ta ba ta ikon soke sauran odar ta karɓi kuɗinta cikin kwanaki sanannu.

Ita ma ƙungiyar akwai nauyi a kanta. Idan ta janye bayan kamfani ya sayi shanshera ya juya wasu masu saye, adalci ne ta yi asarar wani kaso na abin da ta ajiye, kuma gara a rubuta kason tun farko. Buhunan da aka buga wa tambarinta ma ba su da saukin sayarwa ga wani. Don haka kada a lika sanarwar rangwame a allo sai kamfani ya sa hannu, kuma adadin da za a sanar ya tsaya a kan buhu 1,200 na tabbas. Sunayen da suka wuce haka su shiga jerin masu jira, kuma yawansu ne zai gaya wa shugabanni, kafin ranar da aka tsayar, ko tirela ta uku ta cancanci a kira ta.