Fom ɗaya, shugabannin sashe ashirin da huɗu

Shekarar da aka ɗora mini haɗa kasafin kuɗin wani asibiti, na tura wa shugabannin sashe 24 fom ɗin Excel iri ɗaya. Da suka dawo da shi, wani ya rubuta "fetur", wani "man fetur", wani kuma "mai". Ni kuwa ga lissafin da nake tattara kuɗin da shi:

```
=SUMIF(B:B,"Man fetur",E:E)
```

Wannan lissafi ba ya ɗaukar layin da sunansa bai zo daidai ba, don haka kuɗin sassa da dama ya zube ba tare da wani gargaɗi ba. Laifin nawa ne, domin na bar kowa ya rubuta abin da ya ga dama.

Maganin shi ne jerin zaɓi. A ware shafi guda a jera sunayen abubuwan kashe kuɗi, sannan a zaɓi gurabun da za a cike, a shiga Data Validation, a ɗauki List, a nuna masa wancan jeri. Daga nan shugaban sashe zaɓa kawai zai yi. Gurbin kuɗi kuma a sa masa Decimal, daga sifili zuwa sama, saboda wanda ya rubuta "N50,000" rubutu ya shigar, kuma SUM zai tsallake shi. Ana gane irinsa da ido: yakan maƙale a hagun gurbi, alhali lamba dama take zama.

Kulle gurabu ne ke rikita mutane. Kowane gurbi a Excel yana zuwa da alamar Locked tun asali, amma ba ta aiki sai an danna Protect Sheet. Saboda haka aikin a juye yake. Sai ka fara cire alamar daga gurabun da kake so a cike, ta Format Cells, sashen Protection, ka shafa musu rawaya, sannan ka kulle shafin. Idan ka manta, wayarka ba za ta huta ba, kowa na cewa fom ya ƙi karɓar rubutu.

Akwai ɓaraka guda. Jerin zaɓi ba ya tace abin da aka kwafo daga wani fayil aka liƙa. In fom ya dawo, buɗe kullen ka danna Circle Invalid Data, zai zagaye duk abin da ya saɓa da jan layi.

Shafin bayani shi ya kamata ya zo farko, kuma kada ya wuce abin da ido zai gani a allo ɗaya: a cike gurabun rawaya kaɗai, kuɗi a naira cikakku ba a dubbai ba, ranar mayarwa, da wanda za a kira. Ni nakan ƙara layi guda da na cike a matsayin misali. Kafin in tura wa kowa, sai in ba wanda ya fi jin tsoron kwamfuta a ofis ya cike, in zauna gefensa in yi shiru, ina rubuta duk inda ya tsaya.