Minti Uku a Gaban Kwastomomi: Jawabin Cikar Shekarar Shagon Gyaran Gashi

Mai shagon gyaran gashi takan wuni tana hira da kwastoma, hannunta na kan kitso, ba ta rasa abin cewa. Amma ranar da shagon ya cika shekara, aka jera kujeru, aka miƙa mata lasifika, sai baki ya yi nauyi. Abin da ke ceton irin wannan jawabi shi ne gajarta da tsari. Minti uku sun isa, wato kalmomi kamar 300, kuma a raba su uku: godiya ga kwastomomi, yabon ma'aikata, sannan sanar da sababbin ayyuka.

Mu ɗauki misalin shagon mata a Kano da ya cika shekara biyar. Bayan sallama da hamdala, Hajiya mai shagon za ta gaida iyaye da manyan baƙi a jimla ɗaya. Jero sunaye ɗaya bayan ɗaya yana cinye lokaci, kuma wadda aka manta za ta koma gida da abin a ranta.

Godiya tana shiga zuciya ne idan an ambaci abin da mutum ya yi. Maimakon "mun gode da goyon baya", sai ta ce: "Iyayena da ƙannena, kun zauna a layi jajibirin Sallah har dare, an ɗauke wuta ana tsakiyar busar da gashi kun jira aka tada janareto. Wasunku mun yi muku gyaran amarci, yau ga shi kuna kawo mana 'ya'yanku kitso. Allah Ya bar zumunci." Duk wadda ke wurin za ta ga kanta a cikin wannan magana. Iyakar da ba a tsallakewa ita ce sirri. Kujerar gyaran gashi wuri ne da mace ke faɗin damuwarta, don haka ba a kawo labarin zubewar gashin wata, ko bashin da ake bin ta, ko da a sigar raha.

Ma'aikata kuma a nan ake kiran suna. Kowacce ta miƙe, a faɗi sunanta da aikin hannunta: wadda ta gwanance a shuku da kalaba, mai zanen lalle, mai wankin kai, har da mai koyon aiki da ke share gashi a ƙasa tana wanke tawul. Jimla ɗaya ga kowacce ta wadatar, kuma tsawon yabon ya zo daidai, domin fifita ɗaya a bainar jama'a yakan haifar da ƙorafin da zai daɗe a shago. Cewa "na gode wa yarana" a dunƙule ba ya biyan wadda ta yi shekaru tana tsayuwa har ƙafa ta kumbura.

Sanarwa ce ke zuwa ƙarshe, saboda idan aka fara da ita taron zai koma talla. Ayyuka biyu ko uku kawai za a faɗa, kowanne da amsar tambayoyi uku: yaushe zai fara, wa za ta yi, kuma yaya ake kama layi. Misali: "Daga ranar Asabar mai zuwa mun fara dilka da halawa. Mun ware ɗaki na musamman, kuma wadda ta je ta koyo aikin ita za ta riƙa yi. Amare su yi mana magana mako biyu kafin biki, don dilka ba aikin rana ɗaya ba ne. Akwai ragin kashi 10 cikin 100 har ƙarshen wata." Ragin da ba a sa masa ranar ƙarewa ba shi ke jawo jayayya a wajen biya. Haka nan ba a shelar aikin da kayansa ba su iso ba, ko wanda ma'aikata ba su san farashinsa ba; kwastoma za ta zo washegari, a ce mata ta dawo.

Kafin ranar, Hajiya ta karanta jawabin da ƙarfi a gaban ma'aikatanta, ana duba agogo. Su ne za su tuna mata sunan da ta tsallake. A wurin taro kuwa alamar tana bayyana nan take: idan idanu suka koma kan waya ko kan kulolin abinci, an yi tsawo, sai ta rufe da addu'a. Idan kuma bayan an shafa fatiha mata suka nufo teburi suna cewa a rubuta su a layin Asabar, to jawabin ya yi aikinsa.