Ba Kowane Zafin Fitsari ba ne Ciwon Sanyi: Tsargiyar da ke Ɓoye a Marar Mata

Ranar 30 ga Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da cutar makantar bakin kogi. Abin alfahari ne, an kuma yi ta murna a rediyo. Sai dai yadda aka riƙa yaɗa labarin ya sa wasu suka ɗauka cututtukan da ake kwasowa a bakin ruwa sun zama tarihi. Ba haka ba ne. Waccan cuta cizon wani ƙaramin ƙuda ke kawo ta. Akwai wata da ke shiga ta fata daga ruwan tafki, tana nan daram, kuma a jikin mata tana fakewa da sunan da ba nata ba.

Duk wanda ya ratsa kasuwar Gure ko ta Gidigir ranar da take ci ya san muryar mai lasifika yana tallar maganin sanyi. A bakin mutanenmu, mace ta ce tana jin zafi in tana fitsari, mararta na ciwo, to an gama magana: sanyi ne. Sai a haɗa ta da ƙulli, ko a je kanti a sayo sifro da filajil. In ta samu sauƙi, alhamdulillahi. In abin ya dawo, a sake sayo wani. In ya ƙi tafiya, sai a fara kallon ta da wani ido, ko ita ta fara zargin mijinta. Gidaje nawa ne suka yi tsami a kan abin da ba a taɓa dubawa ba?

Gaskiya ne sau da yawa ƙwayoyin cuta ne daga bayan gida ke hawa mafitsara, domin hanyar fitsarin mace gajeriya ce. Wannan yakan zo farat ɗaya, da yawan jin fitsari, kuma yakan warke cikin 'yan kwanaki in an sha maganin da ya dace. Akwai kuma cututtukan da ake ɗauka wurin saduwa, kamar ainihin ciwon sanyi da kilamidiya, waɗanda in sun hau sama suke kumbura mahaifa da hanyoyin ƙwai, kuma ba sa warkewa sai an yi wa miji da mata magani tare. Akwai ƙaiƙayin gaba mai farin ruwa, da tsakuwar mafitsara, da bushewar gaba ga wadda jinin al'ada ya ɗauke mata. Akwai wadda kanwa ko kayan mata da take cusawa suka ƙona mata fata. Mafi haɗari shi ne cikin da ya zauna a wajen mahaifa: duk macen da al'adarta ta yi jinkiri, mara ta murɗa mata a gefe ɗaya, tana jin jiri, asibiti za a kai ta a wannan sa'a. Haka ma wadda ciwon ya zo mata da zazzaɓi mai zafi, amai ko ciwon kwiɓi.

Duk waɗannan ana koyar da su, ma'aikatan lafiya kuma sun san su. Wadda aka manta ita ce tsargiya.

Kowa ya san tsargiya a jikin yara maza. Yaro ya yi fitsari, a ƙarshensa jini ya ɗigo, har a wasu ƙauyuka akan ɗauka alamar balaga ce. Amma yarinyar da suka yi wanka tafki ɗaya da shi fa? Ita ba ta fitsari a gindin bango inda za a gani. In ta ga jini sai ta yi shiru, ko a ce mata al'ada ce ta fara. Tsutsar kuwa ba ta bambanta namiji da mace.

Ga yadda abin yake tafiya. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, ɗan abin da ya fito ya shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi da ke maƙale a ciyawar bakin tafki. Bayan 'yan makonni sai dubban 'yan tsutsotsi da ido ba ya gani su fito su bazu a ruwan. Mace ta shiga wanki, ko ɗiban ruwa, ko wanke yara, su huda fatar ƙafarta ba tare da ta ji komai ba sai ɗan ƙaiƙayi. Su girma a cikin jijiyoyin jini, su tare a jijiyoyin da suka kewaye mafitsara da mahaifa, su yi shekaru suna zuba ɗaruruwan ƙwai kullum. Wasu ƙwan sukan fita da fitsari. Sauran sukan maƙale a naman mafitsara, da bakin mahaifa, da farji, da hanyoyin ƙwai. Jiki ya yi ta faɗa da su, wurin ya kumbura, ya yi miki, daga baya ya yi tabo. Daga nan ne zafin fitsari, da nauyin mara, da fitar ruwa, da zafi ko ganin jini bayan saduwa suke tasowa. In shekaru suka ja, ana iya kaiwa ga ɓari, ko ciki a wajen mahaifa, ko rashin haihuwa. Mikin kuma yana sauƙaƙa wa cutar sida hanyar shiga, tsohuwar tsargiyar mafitsara kuma tana iya rikiɗewa ta zama daji.

Wannan ba sabon sani ba ne, abin da ya fi ɓata rai ke nan. Tun 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar a Alƙahira, daga sunansa ne takardun asibitocinmu suka samo sunan da suke rubutawa. A 1899, a Masar ɗin dai, aka fara rubuta labarin samun cutar a al'aurar mace. A nan Nijar, cibiyar CERMES da ke Yamai tun asali an kafa ta ne don binciken sanƙarau da tsargiya, kuma wani bincike da aka buga a 1989 kan wani ƙauye na ƙasar nan ya samu ƙwan tsutsar a farjin mafi yawan matan da aka duba. A 2004 aka ƙaddamar da shirin ƙasa na raba maganin tsargiya. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ɗan littafin hotuna na aljihu domin ungozomomi da likitoci su gane alamun cutar da ido. Hukumar tana ƙiyasin mata da 'yan mata miliyan 56 ne ke ɗauke da ita a Afirka kudu da Sahara. Shekaru fiye da ɗari da sanin abu, amma har yau mace tana iya zagaye asibitoci ba wanda ya tambaye ta inda take wanki.

Mutum zai ce, ina Gure ina cutar ruwa, ƙasar rairayi da tuddan Muniyo? Ai nan ne ma ta fi samun wurin zama. Inda ruwa ya yi ƙaranci, kowa wuri ɗaya yake zuwa. Tafkunan damina, da ruwan da ke kwance a kwarurrukan da ake noman dabino da rake da rogo, da babban tafkin Gidimuni a kan hanyar Damagaram, su ne wurin wanki da wanka da shayar da dabbobi. Dodon koɗin nan kuma yana iya nutsewa cikin laka ya jira rani ya wuce, ruwan farko na sauka ya farfaɗo.

Mu ɗauki misali. Mace mai shekara 28 ta zo cibiyar lafiya daga wani ƙauye na bakin kwari. Wata da watanni tana fama da zafin fitsari da ciwon mara, ta sha maganin sanyi har ta gaji, tun haihuwarta ta fari kuma ba ta sake samun ciki ba. Abin farko tambaya ce, kuma ba ta cin ko dala: a ina kika girma, kin yi wankan tafki kina yarinya, kin taɓa ganin jini a ƙarshen fitsari, kina ganin jini bayan kwanciya da maigida? Sai a gwada ko tana da ciki. Sai a tsoma tsinken gwaji a fitsarinta. In ya nuna jini alhali ba ta al'ada, kunne ya tashi. A karɓi fitsarin tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwai suka fi fita, a tace mililita 10, a duba da madubin likita. Ƙwan tsargiya yana da ɗan ƙaya a ƙarshensa, ba ya ɓoyuwa ga wanda ya san shi.

A nan ne ake yawan kuskure. In ba a ga ƙwai a fitsari ba sai a ce ba ta da tsargiya, alhali babbar mace tana iya ɗauke da ƙwai cike da bakin mahaifa, fitsarinta kuma fes. Dole ungozoma ta duba bakin mahaifar da haske mai kyau. Abin da za ta nema shi ne tabo rawaya mai kama da an barbaɗa rairayi, ko ƙananan ƙuraje masu tauri, ko jijiyoyin jini da suka murɗe, ko wurin da ke zubar da jini da an taɓa shi. Kuma samun tsargiya bai hana a duba sauran cututtukan ba, domin suna iya haɗuwa a jiki ɗaya, bakin mahaifa mai zubar da jini kuma sai an tabbatar ba daji ba ne.

Maganin shi ne farazikwantel, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki, a sha lokaci ɗaya bayan an ci abinci. Matar nan in nauyinta kilo 60 ne, tana bukatar miligiram 2,400, wato ƙwaya huɗu masu 600. Tana iya jin jiri ko tashin zuciya na 'yan sa'o'i. Sai dai maganin yana da iyaka. Yana kashe manyan tsutsotsi, ba ya kama ƙananan da ba su girma ba, ba ya hana sake kamuwa in an koma tafkin, kuma ba ya goge tsohon tabon da ƙwai suka riga suka yi. Shi ya sa wadda aka ba tana shekara bakwai ta fi wadda aka ba tana shekara 28 cin moriyarsa nesa ba kusa ba.

To, su wa ake bai wa? Rabon magani ya daɗe yana bin makarantu, alhali 'yan matan karkara da yawa ba sa aji, suna bakin ruwa ko an riga an kai su ɗaki. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk garin da cutar ta kai kashi 10 cikin ɗari a bai wa kowa magani duk shekara, daga ɗan shekara biyu zuwa manya, har da masu shayarwa da masu cikin da ya wuce wata uku. Hukumomin lafiya na Damagaram da na Gure su bi wannan gida-gida. A sa littafin hotunan nan a kowane ɗakin awo, a koya wa ungozomomi, a ajiye farazikwantel a cibiyoyin lafiya duk shekara, kada a jira ranar kamfe. Inda ba famfo, ruwan tafkin da aka ɗebo aka ajiye kwana biyu kafin a yi wanka da shi tsutsotsin cikinsa sun mutu, wannan ma a sanar da mutane.

Ku kuma magidanta, matar da ta ce tana jin zafi ba ta jawo wa kowa abin kunya ba. Kada a kai ta wurin mai aska a ce gishiri ne za a yanke, kada a sake ba ta kuɗin ƙulli. A biya mata kuɗin mota zuwa asibiti, a gaya wa ma'aikacin lafiya ruwan da take shiga, a roƙe shi ya duba tsargiya. In aka same ta a jikin uwa, a kai 'ya'yanta mata a duba su tun tabon bai kama su ba.