Dokar Sarƙa a Lissafin Kalkulas: Daga Mai Sauƙi Zuwa Mai Wuya

Dokar sarƙa ita ce hanyar gano saurin canjin wani adadi wanda ya dogara da wani, shi kuma wancan ya dogara da na uku. Idan juyin feda ɗaya yana juya tayar keke sau 3, kowane juyin taya kuma yana cin mita 2, to juyin feda ɗaya mita 6 ke nan. Ninkawa ake yi, ba tarawa ba. Da alamomin da Leibniz ya fito da su, ana rubuta dokar haka: dy/dx = dy/du × du/dx. Harafin u yana wakiltar abin da ke ciki, y kuma abin da ya lulluɓe shi.

Misali na farko shi ne y = (3x + 1)². Abin da ke cikin baka shi ne u = 3x + 1, saboda haka y = u². Saurin canjin na waje 2u ne, na ciki kuwa 3. Idan aka ninka su aka mayar da u asalinsa, sai a sami 6(3x + 1), wato 18x + 6. Ana iya tabbatar da wannan ta warware bakar tun farko: 9x² + 6x + 1, wanda saurin canjinsa shi ma 18x + 6 ne.

Misali na biyu, y = sin(x²), ba ya warwaruwa, don haka dole sai da dokar. A nan ana auna kusurwa da radiyan. Na ciki u = x², saurin canjinsa 2x; na waje sin u, nasa cos u. Amsa ita ce 2x cos(x²). A nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe, domin sukan rubuta cos(x²) su manta da 2x. Gwaji da lamba yana tona wannan kuskure. Daga x = 0 zuwa x = 0.01, y ya ƙaru da kusan 0.0001 kacal, wato kusan bai motsa ba. Amsar gaskiya tana ba da 0 a wurin, ta kuskure kuwa tana ba da 1.

Misali na uku hawa uku ne: y = (sin 5x)³. Ana farawa daga waje a bi su ɗaya bayan ɗaya. Hawan waje yana ba da 3(sin 5x)², na tsakiya cos 5x, na can ciki kuma 5. Ninka su ukun yana ba da 15(sin 5x)² cos 5x. Abin lura shi ne, yayin aiki a kan hawan waje ba a taɓa abin da ke cikinsa, sai layinsa ya zo.

Kafin a fara kowane aiki, a ƙirga hawan da ke cikin lissafin. Idan hawa uku ne, dole a ga abubuwa uku da aka ninka kafin a taƙaita amsar.