Yadda Kwamfuta Ke Mayar da Sa'adu Ya Koma Sa'Adu

Duk wanda ya taɓa duba jerin sunayen ɗalibai ko na ma'aikata zai iya tuna ganin Asma'U, ko Rabi'U, ko Sa'Adu, da babban harafi tsaye a inda ba wurinsa ba. Galibi ba hannun mutum ya rubuta haka ba. Sunayen sun zo ne duk da manyan haruffa, sai magatakarda ya so ya gyara su lokaci ɗaya, ya buɗe Excel ya sa wannan umarni:

```
=PROPER(A2)
```

Dokar PROPER guda ɗaya ce. Harafin farko, da duk harafin da ya biyo bayan abin da ba harafi ba, za ta mayar da shi babba, sauran kuma ƙanana. MUSA GARBA ya fito Musa Garba lafiya lau. Amma da ta iso SA'ADU ZUNGUR, sai ta ɗauki ɗan waƙafin nan na sama a matsayin iyakar kalma, ta rubuta Sa'Adu Zungur. A Hausa kuwa wannan alama hamza ce, sauti ne a cikin kalmar kamar kowane baƙi, don haka babu wata sabuwar kalma da ta fara a bayanta.

Mai dabara zai ce gyaran ai mai sauƙi ne, a hana babban harafi bayan hamza:

```
=SUBSTITUTE(PROPER(A2),"'A","'a")
```

Wannan ya ceci Sa'adu da Mu'azu. Asma'u da Rabi'u na buƙatar irinsa na U, Isma'ila na I. Sai dai umarnin da ya gyara Sa'adu shi ne zai ɓata Na'Allah, sunan da kalmomi biyu ne aka haɗa, na da Allah, kuma babban A ɗinsa daidai ne. Haka sunan shugaban Najeriya daga 2007 zuwa 2010: takardun gwamnati Yar'Adua suke rubutawa, marubutan Hausa da yawa kuma 'Yar'adua. Alamar farko a rubutun Hausar ma ba hamza ba ce, ɓangare ce ta harafin 'y, wanda a Nijar ake rubutawa ƴ. Alama ɗaya ke nan mai aiki uku, kuma kwamfuta ba ta da hanyar bambance su.

Karan ɗori bai kai haka rikici ba. Akasari ɓangarorin biyu duk babban harafi suke ɗauka, kamar Ngozi Okonjo-Iweala da Nasir El-Rufai. Amma tsohon babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya Ban Ki-moon yake rubuta sunansa, da ƙaramin m, kuma Muhammad al-Maghili da ƙaramin a ake rubuta shi a littattafan tarihi.

Wannan al ta kawo mu ga ƙananan kalmomi masu nuna nasaba ko asali. A Usman ɗan Fodiyo, ɗan ba sunan kowa ba ne, cewa yake wane ya haifi wane, aikin da bin da ibn ke yi a Larabci, shi ya sa ake barinsa ƙarami a tsakiya. In aka manne shi ya zama suna guda, kamar Ɗanfodiyo ko Ɗantata, babban Ɗ ya wajaba. Turawa ma suna da nasu: Charles de Gaulle, Ludwig van Beethoven. A Holan ana rubuta Vincent van Gogh, amma in aka cire sunan farko sai ya koma Van Gogh. PROPER ba ta san ko ɗaya ba, Dan da De da Van za ta jera.

A ganina babban kuskuren ya faru tun kafin a taɓa PROPER, ranar da aka karɓi sunan duk da manyan haruffa. Daga MCDONALD babu yadda za a gane cewa mai shi McDonald yake rubutawa, kuma daga YAR'ADUA ba a san wane rubutu ya zaɓa ba. Ofishin da ya adana suna yadda mai shi ya cike a fom ba ya buƙatar wannan gyara.

In kuwa an riga an gaji jerin a haka, kada a goge asalinsa. A yi gyaran a sabon layi kusa da shi, sannan a ware sunayen da ke da hamza:

```
=ISNUMBER(FIND("'",A2))
```

Duk inda TRUE ta fito, sai an duba da ido. A maimaita da karan ɗori, a kuma nemo Dan da Bin da Ibn da Al. A lura cewa Word kan mayar da miƙaƙƙiyar alamar ' zuwa lanƙwasasshiya ’, wadda FIND ke ɗauka daban, don haka dole a nemi duka biyun. Sunan da aka yi shakka a kansa a gwada shi da takardar haihuwa ko katin shaida, ko a tambayi mai shi kafin a buga takardar shaidar kammala karatu, domin gyara bayan bugu ya fi wuya.