Rangwamen Damina da Sharuɗɗan da Aka Yanke wa Wutsiya

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata ƴar hatsaniya ce da na gani da idona a ƙarshen daminar da ta wuce, a wani ƙaramin masaukin baƙi da ke yankinmu na Madarunfa, wadda kuma, abin kunya, ɗan ƙanwata ne ya tayar da ita. Ba zan ambaci sunan masaukin ba, ko da yake babu laifin da zan ɗora masa, domin a wannan magana mai gidan shi ne ya yi gaskiya, mu masu karatu mu ne muka yi sakaci.

Kowa ya san baƙin garin nan iri biyu ne. Akwai masu zuwa ziyarar kaburburan waliyyai casa'in da tara da ke kewaye da tabki, akwai kuma masu zuwa kallon ruwan da tsuntsayensa, tun ba ma da sanyi ba. Wannan daraja ce ta sa tun shekarar 2006 Nijar ta shigar da tabkin da dajin Madarunfa da kaburburan cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta karɓa a matsayin gadon duniya. Amma da zarar ruwa ya sauka, Gulbin Maraɗi ya kawo, kowa ya duƙufa gona, sai ƙafa ta ɗauke, ɗakuna su zauna a rufe alhali mai gida yana biyan mai gadi da mai shara. Ragin da yake yi a wannan lokaci ba sadaka ba ce, lissafi ne: gara ya karɓi kaɗan da ɗaki ya kwana babu kowa. Wanda ya fahimci wannan ba zai yi mamaki ba in ya ga an kewaye ragin da sharuɗɗa, tun da an yi shi ne don cike ɗakin da ya rasa mai kwana.

To, mai masaukin nan ya sa sanarwa a Fesbuk, da hoton ƙofar gidan, da babban rubutu a sama cewa an rage kashi 20 cikin 100 saboda damina. A ƙarƙashin hoton kuwa ya jera sharuɗɗansa dalla-dalla, cikin Hausa da Faransanci. Ragin yana aiki daga 1 ga Yuli zuwa 15 ga Satumba. Ya shafi ɗakuna masu fanka kaɗai, waɗanda kuɗinsu sefa 15,000 ne a kwana, ban da masu na'urar sanyi na sefa 20,000. Sai wanda zai yi kwana uku ko fiye. Babu karin kumallo a ciki. In an ɗauke wuta, injin gida yana tashi daga magariba zuwa sha biyun dare, ba ya kwana. Wanda ya ba da kafin alƙalami ya fasa, a mayar masa da kuɗinsa ko a sauya masa rana. Na rantse ban taɓa ganin talla a waya da ta faɗi aibinta da bakinta kamar wannan ba, har da maganar injin da wani zai ɓoye sai baƙo ya farka cikin gumi da sauro.

Sai wani mai rawar kai ya ɗauki hoton sanarwar daga fuskar wayarsa, ya datse ƙasan, ya bar babban rubutun kaɗai, ya jefa a zauren Wasaf na ƴan unguwa. Daga nan ta yi ta yawo hannu zuwa hannu har ta iske ɗan ƙanwata, wanda ke da abokai da za su taso daga Katsina, su biyo ta Jibiya da Ɗan Isa, domin ɗaurin auren wani amininsu. Bai kira lambar masaukin ba, bai nemi asalin sanarwar ba, sai ya zauna ya buga lissafinsa shi kaɗai: ɗaki huɗu masu sanyi, kwana biyu, sefa 160,000, a cire kashi 20 ya rage 128,000. Wannan adadi ya tara daga abokan, ya kuma yi musu alfahari cewa ya samo musu araha.

Ranar 20 ga Satumba suka sauka. Da aka zo biya, yaron da ke karɓar baƙi ya ce 160,000 ne cif, sai murya ta tashi, har aka aiko a kira ni. Na iske ɗan nawa yana nuna wa yaron fuskar waya yana cewa, "Ka gani, Kawu, ga shi ƙuru-ƙuru sun rubuta, yanzu kuma suna neman su cuce mu gaban baƙi!" Yaron bai ce uffan ba, sai ya buɗe tasa wayar ya miƙo mini, ya ce, "Baba, don Allah ku karanta har ƙasa." Na gyara tabarau na karanta, sai na ga ba sharaɗi ɗaya suka saɓa ba, uku ne: wa'adin ya wuce da kwana biyar, ɗakunan ba su ne masu ragi ba, kwanakin kuma ba su kai uku ba. Sefa 32,000 ɗin da ake ta husuma a kai ba wanda ya taɓa yi musu alkawarinta. Ɗan nawa ne ya ƙaga ta a ransa, sa'an nan ya zo yana bin mutane bashinta. Daga aljihuna aka cike, kuma har yau kuɗin ba su dame ni ba kamar yadda aka kira mai gaskiya macuci a bakin ƙofarsa.

Da sun karanta, da ga yadda lissafin zai kasance ga wanda ya cika sharaɗi: ɗaki mai fanka kwana uku sefa 45,000 ne, a cire kashi 20, wato 9,000, a biya 36,000, kwana ya faɗo kan 12,000 ke nan. Wannan shi ne iyakar abin da aka yi alkawari, kuma duk wanda ya zo a kan ƙa'ida haka ya biya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, a daren nan aka sami mai cewa ai da sun sani da sun tafi wani wuri a cikin Maraɗi da ya rubuta an rage rabi, ba tare da wani dogon turanci ba. Jama'a, ina hankalinmu ya tafi? Ragin rabi daga nawa? In mutum ya rubuta 30,000 ya soke ta da jan layi, ya sa 15,000 a gefe, alhali ɗakin bai taɓa wuce 15,000 ba, me ya rage maka in ban da wayonka? Sanarwar da ba ta faɗi tsohon farashi ba, ba ta faɗi ranar farawa da ranar ƙarewa ba, ba ta faɗi wane ɗaki ba, tana da sharuɗɗa ita ma, sai dai an ajiye su a bakin mai karɓar kuɗi, za ka ji su bayan ka sauke kaya dare ya yi. Amma mu, saboda ƙyuyar karatun layi shida, sai mu guji wanda ya shimfiɗa komai a fili, mu ruga wurin wanda ya yi shiru, har masu gaskiya su fara ganin bayanin ba ya jawo musu komai sai zagi.

Malamanmu ba su bar wannan babi ba. Wanda ya zauna gaban malami ya karanci Risala ta Ibn Abi Zaid ya san haya ƴar'uwar ciniki ce a wajen abin da ya halatta da abin da ya haramta, kuma ba ta inganta sai an san ujura, an san ajali, an san abin da za a amfana da shi. Jahiltar ɗayansu shi ne gararin da shari'a ta hana, ɓoye aibi kuwa algus ne. Ashe ke nan waɗannan layuka da muke jin nauyin karantawa su ne ke fitar da mu'amalar daga duhu. Hatta maganar kafin alƙalami, mazhabar Imamu Malik ba ta yarda mai kaya ya riƙe shi a banza in an fasa ba, ko da yake Hambaliyya sun sauƙaƙa, don haka masaukin da ya rubuta yadda zai mayar da shi ya kyauta. Amma fa haƙƙin ba a wuyan mai haya kaɗai yake ba. Wanda aka yi wa bayani ya ƙi dubawa, ya zo yana tuhuma, ya ɗauki alhakin mutum, wanda ya datse sanarwar ya watsa kuwa ya fi shi, domin ya ɗora wa mai gida maganar da bai faɗa ba.

Saboda haka ina roƙon jama'a, in hoton ragi ya iso wayarka, ka ɗauke shi jita-jita har sai ka ga asalinsa a shafin masu shi, ka danna wurin da ake buɗe sauran rubutun, ka dubi ranar da aka sa shi, domin sanarwar bara tana iya dawowa bana da sabon ɗumi. In karatun boko ya yi maka nauyi, ka ba yaro ya karanta maka tun daga sama har ƙasa, kada ya tsaya a babban rubutu. Sa'an nan ka kira, ka faɗi ranar zuwanka da yawan ɗaki da kwana, ka ce a rubuto maka jimillar abin da za ka biya cikin saƙo, a bayyana ko haraji na ciki. Masu rubuta Faransanci kan sa TTC in an haɗa shi, HT in ba a haɗa ba. Kada ka aika ko dala sai ka tabbata lambar ta gidan ce. In kuwa kai ne mai turawa, ka tura ta cikakkiya ko ka bar ta inda ka gan ta.

Baƙinmu na ƙetaren iyaka kuma ina ƙara musu da cewa a rubuta adadin da lamba, a ambaci sefa. Mu nan in mun ce jika nufinmu sefa 1,000, in mun ce dala sefa 5, alhali dattijon Katsina in ya ji jaka naira 200 ce ke faɗo masa a rai, canjin naira da sefa kuwa ba ya kwana wuri ɗaya.

Ɗan ƙanwata ya koma washegari ya ba yaron haƙuri, bayan na tsare shi sai da ya karanta mini sharuɗɗan shida da ƙarfi a zaure, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai biya allo. Bai ɗauki minti biyu ba.