Kamo Rubutun Allon da Ya Wuce Kamar Walƙiya

Mai gabatar da maƙala a taro yakan ga lokaci ya ƙure masa, sai ya riƙa wuce shafukan majigi da gudu. Idan an naɗi bidiyon, rubutun bai ɓace ba. Bidiyo hotuna ne jere, galibi 25 ko 30 a kowace daƙiƙa, don haka shafin da ya tsaya rabin daƙiƙa ya bar hotuna goma sha biyu ko fiye.

A YouTube, a kan kwamfuta, tsayar da bidiyon ka danna maɓallin aya, zai matsa hoto ɗaya gaba. Waƙafi kuma ya mayar da kai baya. Amma fara ɗaga ingancin hoton zuwa 1080p in akwai, domin a 360p ƙananan lambobin jadawali dagulewa suke yi. Kada ka ɗauki hoton farko bayan an sauya shafi. Sau da yawa yakan fito dishi-dishi, ko rubutun shafi biyu ya hau kan juna. Matsa gaba kaɗan har haruffa su washe, sannan ka ɗauki hoton allon.

Maganar mai jawabi kuwa, rage saurinta zuwa 0.75 ka saurara, kana rubuta mintin kowane batu kusa da hoton shafinsa. A nan ake yawan yin kuskure, domin wani yakan ci gaba da bayanin shafi na bakwai alhali na takwas ne a allo.

Idan daga bayan zaure aka ɗauka, hasken majigi ya cinye rubutun, babu dabarar da za ta dawo da shi. Sai dai ka nemi shafukan wurin masu shirya taron.